Jirgin fito da jan ruwa: tambayoyi da amsoshi kan lissafin haye kogi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibanmu masu shirin jarrabawar shahadar Sudan suka fi maimaitawa a darasin Fiziks, daga Mai Wurno da Sinnar har Madani da Hartum. Wasu kuma masu fito ne suka kawo su. Misali guda za mu riƙe tun daga farko: kogi mai faɗin mita 240, jirgi mai inji da ke cin mita 2.5 a daƙiƙa idan ruwa a tsaye yake, da ruwan da ke gangarawa mita 1.5 a daƙiƙa. Lambobin na koyo ne, an zaɓe su don lissafi ya fita sarai. Za mu kira gudun jirgi v, gudun ruwa u, faɗin kogi d. Tun da Shuɗin Nilu a yankinmu arewa yake gangarawa, idan an ce sama ana nufin kudu, inda ruwa ke fitowa, ƙasa kuwa arewa.

1. Malam, me ya sa ake cewa jirgi ɗaya yana da gudu biyu?

Domin gudu kullum da wani abu ake auna shi. Injin jirgi ko filafilin mai tuƙi ruwa yake turawa, bai san da gaɓa ba. Saboda haka mita 2.5 ɗin nan gudun jirgi ne a kan ruwan da ke ɗauke da shi. Shi kuma ruwan ba a tsaye yake ba, yana tafiya da duk abin da ke bisansa. Wanda ke zaune a bakin gaɓa yana kallo, abin da idonsa ke gani shi ne haɗuwar tafiyar biyu: ta jirgi a kan ruwa, da ta ruwa a kan ƙasa.

Sai dai ba a haɗa su kamar yadda ake haɗa kuɗi. Kowace tafiya tana da girma kuma tana da alƙibla. Idan jirgi ya bi ruwa, 2.5 da 1.5 za su ba da 4. Idan ya fuskanci ruwa, saura 1. Idan kuwa ya gitta, sai an zana alwatika: a ja kibiyar jirgi, daga bakinta a ɗora kibiyar ruwa, sannan a ja layi daga mafari zuwa ƙarshe. Wannan layin na uku shi ne hanyar da jirgi yake bi a zahiri. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga wannan alwatikan suka fito.

2. Idan na saita hancin jirgi sak zuwa ƙetare, a ina zan sauka?

Ƙasa da inda ka nufa. Tun da hancin yana kallon ƙetare kai-tsaye, duk ƙarfin jirgin yana tafiya ne wajen cin faɗin kogi. Lokacin hayewa shi ne faɗi a raba da gudun jirgi: 240 ÷ 2.5, wato daƙiƙa 96. A cikin waɗannan daƙiƙu 96 ruwa bai huta ba, kowace daƙiƙa yana gusa ka mita 1.5 zuwa arewa. Idan ka ninka 1.5 sau 96 za ka samu mita 144. Wannan ita ce tazarar da ruwa ya ja ka.

```
t = d / v
x = u × t = u × d / v
```

Mai kallo daga gaɓa zai ga jirgin yana tafiya a karkace. Gudun da zai gani shi ne √(2.5² + 1.5²), kusan mita 2.9 a daƙiƙa, kuma hanyar ta kauce daga layin sak da kusurwar da tan ɗinta 0.6 ne, kusan digiri 31. Tsawon hanyar ya kai kusan mita 280 maimakon 240. Fasinja da ke ciki kuwa, idan ruwa kawai yake kallo, zai rantse cewa tafiyar miƙe take.

3. Ruwa mai ƙarfi ba zai ƙara mini lokacin hayewa ba?

Wannan tambaya tana kayar da ɗalibai da yawa, kuma amsarta ta danganta da inda hancin jirgi yake kallo. Idan yana kallon ƙetare sak kamar a tambaya ta 2, ƙarfin ruwa ba ya taɓa lokacin ko kaɗan. Ruwa yana tura ka ne a tsawon kogi, kai kuma faɗinsa kake ci, ɗayan ba ya ragewa ɗayan komai. Ko ruwan ya ninka ƙarfinsa, daƙiƙa 96 ɗin nan ce dai za ta kai ka wancan hayi. Abin da zai canja shi ne inda za ka sauka: mita 288 a ƙasa maimakon 144.

Lokaci yana ƙaruwa ne idan ka ƙi yarda ruwa ya ja ka, ka karkata hanci sama don ka yaƙe shi. Duba tambaya ta gaba.

4. To yaya zan yi in sauka daidai mashigin da ke fuskantata?

Sai ka karkata hancin jirgi zuwa sama, da kusurwar da za mu kira θ, wadda ake aunawa daga layin da ya gitta kogi sak. Da zarar ka karkata, gudun jirgi ya kasu gida biyu. Kashi ɗaya, v sin θ, yana fuskantar ruwa. Ɗaya kashin, v cos θ, shi ke cin faɗin kogi. Idan kana so kada ka gusa ko taku ɗaya, dole kashin farko ya yi daidai da gudun ruwa, su kashe juna.

```
v sin θ = u
sin θ = u / v
t = d / (v cos θ)
```

A misalinmu sin θ shi ne 1.5 ÷ 2.5, wato 0.6, kusurwar kuwa kusan digiri 37. Daga cikin mita 2.5 na jirgin, 1.5 sun tafi wajen riƙe ruwa. Abin da ya rage na hayewa shi ne 2.5 × 0.8, wato mita 2 a daƙiƙa. Kada wani ya ɗebe 1.5 daga 2.5 ya ce saura 1, alwatika ne, lissafinsa √(2.5² − 1.5²) ne, ya ba da 2. Lokacin hayewa ya zama 240 ÷ 2, daƙiƙa 120.

Ka ga ke nan saukar daidai mashigi tana da farashi: ƙarin daƙiƙa 24 a kan ta tambaya ta 2, da man da inji zai sha a cikinsu. Wanda ya taɓa tsayawa bakin kogi ya kalli mai fito gwani zai tuna yadda jirgin ke tafiya kamar ƙaguwa, hanci na kallon kudu maso gabas, jiki kuwa na nufar gabas sak. Wannan lissafin yake yi, da ido da hannu.

5. Me ya sa a can aka yi amfani da tan, a nan kuma sin, alhali lambobin iri ɗaya ne?

Saboda matsayin gudun jirgi a cikin alwatika ya canja. A tambaya ta 2 kibiyar jirgi da ta ruwa su ne suka haɗu a kusurwar digiri 90, sai hanyar zahiri ta zama dogon gefe. Shi ya sa gudun da mai kallo ya gani, 2.9, ya fi na jirgin. A tambaya ta 4 kuwa hanyar zahiri ce ta gitta ruwa da digiri 90, kibiyar jirgi ta koma dogon gefe, gudun da ake gani ya ragu zuwa 2.

Daga nan wani kuskure yake fitowa wanda ya kamata a tsaya a kansa. Ɗalibi zai ce: ruwa ya kautar da ni digiri 31, bari in karkata digiri 31 zuwa sama in rama. Ba zai isa ba. A digiri 31, kashin da ke yaƙar ruwa kusan 1.29 ne kawai, ruwa ya fi shi da kusan 0.21. Hayewar za ta ɗauki daƙiƙa 112 ko kusa da haka, jirgi ya sauka wajen mita 24 ƙasa da mashigi. Idan ruwa mai sanyin gudu ne, bambancin sin da tan ƙarami ne, kuskuren ya ɓuya. Idan gudun ruwa ya matso kusa da na jirgi, sai ya fito fili.

Dabarar da nake ba ɗalibai ita ce kada su fara da zaɓen sin ko tan. Su fara tambayar kansu: wane ne ke kallon ƙetare sak, hancin jirgi ko hanyar da jirgi ya bi?

6. Na samu digiri 37, abokina ya samu 53, wani kuma 127. Wa ya yi daidai?

Mai yiwuwa dukanku. Digiri 37 daga layin da ya gitta kogi ne. Digiri 53 daga gaɓa ne, ta ɓangaren sama, tun da 37 da 53 sun cika 90. Digiri 127 kuwa daga alƙiblar da ruwa ke gangarawa aka auna, 90 da ƙarin 37. Hanci ɗaya ne, wurin fara awo ne ya bambanta. A jarrabawa a rubuta lambar tare da inda aka auno ta, domin lamba tsirara mai dubawa na iya ƙin karɓarta. Idan kuma aka auna daga gaɓa, sin da cos suna musayar wuri a duk lissafin tambaya ta 4.

Wanda ya samu 0.64 kuma, kalkuletarsa ce ke kan RAD. Ya mayar da ita DEG.

7. Wace hanya ce ta fi: mafi sauri ko mafi gajarta?

Hanyoyi biyu ne daban, kuma a ruwa mai gudu ba sa haɗuwa. Mafi sauri ita ce hanci sak, daƙiƙa 96, domin cos θ ba ya wuce 1, kuma yana kai 1 ne idan babu karkata. Mafi gajarta ita ce mita 240 ta tambaya ta 4, amma tana cin daƙiƙa 120. Idan takardar tambaya ta ce lokaci mafi ƙanƙanta, ta farko ake nufi. Idan ta ce tazara mafi gajarta ko saukar daidai ƙetare, ta biyu.

A aikace kuwa, ga mai jirgin da ya fi ruwa gudu sosai, ta biyu ta fi riba. Wanda ya haye cikin daƙiƙa 96 ya sauka mita 144 ƙasa da mashigi, idan ya ce zai hauro da jirgin a ruwa mai ƙarfi iri ɗaya, mita 1 kawai zai riƙa ci a daƙiƙa, wato ƙarin daƙiƙa 144. Jimla 240, ninkin na wanda ya karkata tun farko.

8. Mashigin ƙetare ba ya fuskantar namu, yana ƙasa kaɗan. Yaya lissafinsa?

Wannan ya fi kama da abin da ke faruwa a zahiri, domin mashigi inda gaɓa ta yi sauƙin hawa ake yin sa, ba inda mai zane ya so ba. A ce mashigin yana mita 80 ƙasa da layin sak. Yanzu ba ka bukatar kashe ƙarfin ruwa gaba ɗaya, kana so ne ka bar masa daidai abin da zai gusa ka mita 80 kafin ka isa.

Da farko nemo kusurwar layin da ya haɗa mashigan biyu, mu kira ta φ. Tan ɗinta 80 ÷ 240 ne, kusan digiri 18.4. Sharaɗin shi ne jirgi ya zauna a kan wannan layi, wato kashin gudun jirgi da ke gitta layin ya soke kashin gudun ruwa da ke gitta shi.

```
sin(θ + φ) = (u / v) × cos φ
```

Cos na 18.4 kusan 0.949 ne, a ninka da 0.6 a samu 0.569, kusurwarsa kusan digiri 34.7. A ɗebe 18.4, saura kusan digiri 16.3 zuwa sama. Yana da kyau a gwada amsar: a wannan kusurwa sin 0.28 ne, cos 0.96. Hayewa 2.5 × 0.96, mita 2.4 a daƙiƙa, lokaci daƙiƙa 100 cif. Kashin da ke yaƙar ruwa 0.7 ne, ruwa ya fi shi da 0.8, cikin daƙiƙa 100 ya ba da mita 80. Ya fita. Idan mashigin sama yake da layin sak, a sa φ da alamar ɗebewa, lissafin bai canja ba. Idan θ ta fito da alamar ɗebewa, ma'anarta mashigin ya wuce mita 144 a ƙasa, hanci ƙasa zai karkata.

9. Idan ruwa ya fi jirgi gudu fa, kamar lokacin cikar kogi?

Shuɗin Nilu daga tafkin Tana na Habasha yake tasowa, kuma ruwan damina na tsaunukan can ne ke cika shi, ya kai ƙololuwa wajen watan Agusta zuwa Satumba. A irin wannan lokaci kwalekwalen filafili na iya samun kansa a ruwan da ya fi ƙarfinsa. Mu juya lambobin: ruwa mita 2.5 a daƙiƙa, kwalekwale 1.5. Idan ka gwada lissafin tambaya ta 4, sin θ zai fito 1.67, kalkuleta ta nuna maka kuskure, domin babu kusurwar da sin ɗinta ya wuce 1. Na'urar lafiyarta ƙalau. Tana gaya maka ne cewa saukar daidai ƙetare ba za ta yiwu ba. Ko gudun biyun daidai suke, sin θ zai zama 1, hanci ya kalli sama gaba ɗaya, jirgi ya tsaya wuri guda ba ya hayewa.

Abin da ya rage shi ne rage jan ruwan gwargwadon iko. A nan akwai ciniki: karkata sama tana rage gusawar kowace daƙiƙa, amma tana ƙara yawan daƙiƙun da za ka yi a cikin ruwa. Da hanci sak, hayewa daƙiƙa 160 ce, ruwa ya ja ka mita 400. Idan tsoro ya sa ka karkata har digiri 60, hayewa ta koma 0.75 a daƙiƙa, ka shafe daƙiƙa 320, ruwa ya ja ka kusan mita 384, ga gajiya ninki biyu. Mafi kyawun kusurwa tana tsakani, kuma tana samuwa ne idan aka kifa rabon:

```
sin θ = v / u
x = d × √(u² − v²) / v
```

Wato 1.5 ÷ 2.5, digiri 37 kuma. Hayewa 1.5 × 0.8, mita 1.2 a daƙiƙa, lokaci daƙiƙa 200. Ruwa ya fi ka da 2.5 − 0.9, wato 1.6, jan ruwa mita 320. Babu kusurwar da za ta ba da ƙasa da haka. A wannan yanayi hancin jirgi da hanyar da yake bi suna gitta juna da digiri 90, kuma da wannan ake gane amsar a zane. Mai son sauka daidai mashigi sai ya fara jan kwalekwalensa ta bakin gaɓa mita 320 zuwa sama kafin ya shiga. Lissafi dai bai san da itatuwan da ambaliya ke kwasowa ba, bai kuma san jirgin da aka cika wa kaya ba, don haka amsa mai kyau a takarda ba izinin shiga ruwan cika ba ce.

10. Ta yaya ake sanin gudun ruwa da na jirgi ba tare da na'ura ba?

Na ruwa mai sauƙi ne. A kafa alama biyu a bakin gaɓa, tsakaninsu mita 30, a jefa kara ko guntun icce can ciki sama da alamar farko, a duba agogon waya. Idan ya ɗauki daƙiƙa 20 tsakanin alamun, gudun ruwa 1.5 ne. A zaɓi abin da yawancinsa ke nutse, domin robar ruwa marar komai iska ce za ta tafi da ita.

Na jirgi kuwa, a auna mita 200 a tsawon kogi, a bi ruwa sau ɗaya, a hauro sau ɗaya, inji a ƙarfi guda. A ce gangarawa ta ci daƙiƙa 50, haurowa 200. Gudun farko 4 ne, na biyu 1. Rabin jimlarsu, 2.5, shi ne gudun jirgi. Rabin bambancinsu, 1.5, shi ne na ruwa. Gudun ake haɗawa a raba biyu. Wanda ya haɗa lokutan ya raba zai samu daƙiƙa 125, ya fito da 1.6, wanda ba gudun kowa ba ne. Idan kuma tambaya ta zo da kilomita a awa, a raba da 3.6 kafin a haɗa da mita: kilomita 9 a awa shi ne mita 2.5 a daƙiƙa.

11. Baba mai fito ya ce ruwan tsakiya ya fi na gefe ƙarfi. Lissafin ya rushe ke nan?

Baba ya yi gaskiya. Gaɓa da ƙasan kogi suna riƙe ruwan da ke gogar su, saboda haka a miƙaƙƙen wuri tsakiya ta fi gudu, a kwana kuma ƙarfin yana komawa ɓangaren waje, inda gaɓa ke zaftarewa. Lissafin bai rushe ba, gyara yake so. Da hanci sak, lokacin hayewa yana nan daƙiƙa 96, saboda dalilin da aka bayar a tambaya ta 3. Jan ruwa kuma sai a yi shi da matsakaicin gudun ruwa na duk faɗin. Idan sulusin tsakiya yana gudu 1.5, sulusin kowane gefe 0.75, matsakaici 1 ne, jan ruwa mita 96 maimakon 144.

Wanda ya riƙe digiri 37 tun daga gaɓa har gaɓa a irin wannan kogi zai haura sama a farko, ya tsaya daidai a tsakiya, ya sake haurawa a ƙarshe, ya sauka sama da mashigi. Shi ya sa masu fito ke ƙara karkata a tsakiya su sassauta a gefe. Gudun ruwan ma yana canjawa da wuri da lokaci: sama da madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925, ruwa kan lafa idan tafkin ya cika, kuma abin da aka saki daga madatsar Rusairis yana iya sauya ƙarfinsa. A Mugran ta Hartum, inda Farin Nilu da Shuɗi suke haɗuwa, ruwa biyu ne masu alƙibla daban, lamba guda ba za ta wakilce su ba. Iska ma kibiya ce ta uku. Ta arewa da ke kaɗawa lokacin sanyi tana tura jirgi sama, kishiyar ruwa.

12. Ina cikin jirgi, babu abin awon kusurwa. Yaya zan gane ruwa yana ja na?

Kallon mashigi kaɗai ba ya nunawa, yana ma yaudara. Wanda yake ta juya hanci yana bin mashigi da ido zai yi ta gangarawa, hanyarsa ta lanƙwashe, a ƙarshe ya tarar da kansa ƙasa da wurin yana fama da ruwa gaba da gaba.

Abin yi shi ne a zaɓi abu biyu a ƙetare, ɗaya kusa ɗaya nesa, waɗanda suke kan layi guda da inda za a sauka: misali bishiyar bakin mashigi da hasumiyar masallacin da ke bayanta. Muddin bishiyar tana rufe hasumiyar, kana kan layi, kusurwarka daidai take ko ba ka san lambarta ba. Idan hasumiyar ta fara leƙowa ta ɓangaren ƙasa na bishiyar, ruwa ya ja ka, ƙara karkata sama. Idan ta leƙo ta ɓangaren sama, ka yi yawa, sassauta. Idan kuma ka karkata iya karkatawa amma hasumiyar tana ci gaba da fitowa ta ƙasa, ruwan ya fi jirgin gudu a wannan wuri, ka shiga yanayin tambaya ta 9: daina neman wannan mashigi, mayar da hanci matsakaiciyar karkata, ka nufi wani wurin sauka a ƙasa.